Yadda za ka koya wa 'yan SS3 bambancin enajin gudun mita 100 da na gudun famfalaki

Wannan na rubuta shi ne musamman don 'yan uwa masu koyar da lesin a nan Legas, su Agege da Idi-Araba da Mile 12, da kuma yayyen da ke zama da ƙannensu da daddare ana bitar WAEC da NECO. Maganar tsarin enaji tana fitowa a Bayoloji wajen numfashin sel, tana kuma fitowa a darasin motsa jiki, kuma yawancin yaranmu abin da suka haddace layi biyu ne kawai, wai gudun gajere anerobik ne dogon gudu kuma erobik. Ba ƙarya ba ne amma da an ɗan juya tambayar, a ce to mita 400 fa, ko me ya sa mai gudun mita 100 yake haki bayan ya gama, sai ka ga yaro ya tsaya yana cizon biro. Ga tsarin da nake bi, kuma in za ka bi shi don Allah kar ka tsallake na farko.

Matakin farko, kar ka fara da sunayen tsarin guda uku, fara da ATP. Ka sa su gane cewa tsoka ba ta cin tuwo ba ta cin shinkafa kai tsaye, abu ɗaya ne tak take karɓa ta motsa, shi ne ATP. Idan aka ɓalle fosfet ɗaya daga jikinsa sai enaji ya fito tsoka ta ja, abin da ya rage kuma ya zama ADP. Rubuta musu a allo:

```
ATP → ADP + P + energy
```

Toh matsalar ita ce ATP ɗin da ke ajiye a cikin tsoka kaɗan ne sosai, in mutum ya saki iya ƙarfinsa bai wuce ya riƙe shi sakan 2 zuwa 3 ba. Saboda haka duk wani gudu da ya wuce haka, jiki yana sake haɗa ATP ne a kan hanya, ya mayar da fosfet ɗin jikin ADP. Tsarin enaji guda ukun nan ba wani abu ba ne illa hanyoyi uku na sake haɗa ATP. In yaro ya riƙe wannan jimlar rabin aikin ya ƙare.

Misalin da nake ba su shi ne na kwandastan danfo, shi tsabar kuɗi yake so a hannunsa yanzu-yanzu, ba ruwansa da nawa ne a asusunka. ATP shi ne kuɗin da ke tafin hannunka. Hanya ta ɗaya canjin da ke aljihu ne, ka zura hannu ka ciro nan take amma ba yawa. Ta biyu rance ne wajen na kusa da kai, yana zuwa da sauri amma akwai biya daga baya. Ta uku kuma albashi ne a banki, shi ne mai yawa amma sai ka bi layi. Abin da nake so su ɗauka a nan tambayoyi biyu ne da za su dinga yi wa kowace hanya, yaya saurinta yake, kuma yaya yawanta yake. Mai sauri ba ta da yawa, mai yawa ba ta da sauri, kuma duk bambancin ɗan tseren mita 100 da ɗan famfalaki a nan yake.

Mataki na biyu sai ka kawo lambobi na gaske su yi lissafi da kansu, kar ka yi musu. Usain Bolt ya yi mita 100 a sakan 9.58 a Berlin a 2009, in an raba 100 da 9.58 ana samun kusan mita 10.4 a kowane sakan. Wayde van Niekerk ya yi mita 400 a sakan 43.03 a Rio a 2016, wato kusan mita 9.3 a sakan. Kelvin Kiptum kuma ya yi famfalaki, kilomita 42.195, a awa 2 da sakan 35 a Chicago a 2023. Ka sa su mayar da lokacin sakan, zai ba su 7,235, su raba 42,195 da shi, za su samu kusan mita 5.8 a sakan. Wato kowace mita 100 yana cinye ta a sakan 17 da ɗan ɗigo, kuma ya maimaita haka sama da sau 420 ba hutu. A nan yara sukan yi shiru, don da yawansu sakan 17 ɗin nan sau ɗaya ma sai sun dage. Sai ka jefa musu tambayar, me ya sa tsawon gudu na ƙaruwa sauri na raguwa, alhali duka ukun gwanaye ne na duniya? Amsar ita ce hanyar da ke ba da ATP da sauri ta ƙare, dole jiki ya koma wa wadda ba ta kai ta sauri ba.

Mataki na uku, yanzu ne za ka shiga hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce ATP-PC, PC ɗin fosfokiriyatin ne, wani sinadari da ke ajiye a cikin tsokar kanta. Aikinsa ya miƙa wa ADP fosfet ɗinsa, abin da ya rage shi ne kiriyatin, wato C:

```
PC + ADP → ATP + C
```

Mataki ɗaya ne kawai shi ya sa ta fi kowace sauri, ba ta buƙatar oksijin, kuma ba ta haifar da laktik asid, wannan na ƙarshen ka ja masa layi don nan yara suke faɗuwa, suna ɗauka duk abin da yake anerobik dole ya fitar da laktik. Iyakarta kusan sakan 10 ne in ana iya ƙarfi. Ita ce ke riƙe da mita 100, da dogon tsalle irin wanda Chioma Ajunwa ta ciyo mana zinare da shi a Atlanta a 1996, da jifan dalma. Ka nuna musu wani abu da ba su lura da shi ba, ɗan tseren mita 100 yana kai ƙololuwar saurinsa wajen mita 60 zuwa 80 ne, daga nan sauri na ɗan raguwa. Wanda kake gani kaman ya ƙara wuta a ƙarshe, yawanci shi ne wanda saurinsa bai ragu kaman na sauran ba.

Hanya ta biyu ita ce ta laktik asid, wato fasa gulukos ba tare da oksijin ba. Gulukos ɗin yana zuwa ne daga gilaikojin da ke ajiye a tsoka, ana fasa shi a cikin saitofilazim na sel, amma fashin bai kai ƙarshe ba, sai ya tsaya a laktik asid:

```
C6H12O6 → 2C3H6O3 + energy (2 ATP)
```

Ribar ATP 2 ce kacal a kowane gulukos ɗaya. Ita ce ke jan ragama daga wajen sakan 10 zuwa kusan minti ɗaya da 'yan kai, wato mita 200 da mita 400 da babban kaso na mita 800. Abin da ke tsayar da ita ba ƙarewar gulukos ba ne, asid ne ke taruwa a tsoka har ta kasa ja yadda ya kamata, ƙafa ta yi nauyi cinya ta ɗau zafi.

Ta uku ita ce erobik, mai aiki da oksijin a cikin maitokondiriya, tana ƙona gulukos har ƙarshe, tana kuma iya ƙona kitse:

```
C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O + energy
```

Littattafan sakandare yawanci suna cewa ATP 36 ko 38 a gulukos ɗaya, sababbin littattafan jami'a kuma suna cewa wajen 30 zuwa 32. Ni shawarata yaro ya rubuta abin da ke littafin makarantarsa, kar ka rikita shi da gardamar manya ana saura wata biyu jarabawa. Abin da take fitarwa kabon dayoksaid ne da ruwa, ɗaya a fitar da numfashi ɗaya ya shiga ruwan jiki, babu wanda ke taruwa ya tsayar da tsoka, shi ya sa ake iya awanni a kanta. Raunin ta jinkiri, sai huhu ya ja iska, zuciya ta tura jini, jini ya kai oksijin tsoka, kuma wannan yana ɗaukar minti 2 zuwa 3 kafin ya daidaita.

Ka sa su yi wannan ɗan lissafin, in tsoka na buƙatar ATP 380, gulukos nawa za a ƙona a kowace hanya? Ta erobik 380 raba 38, guda 10. Ta laktik 380 raba 2, guda 190. Ninki 19 ke nan. Daga nan yaro da kansa zai gaya maka me ya sa ba a famfalaki da hanyar laktik, ko asid bai tsayar da kai ba ajiyarka za ta ƙare tun ba ka je ko'ina ba.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi ba muhimmanci, a fitar da su fili su ji a jikinsu. Ba sai an je filin Teslim Balogun ba, filin makaranta ko layin unguwa mara kwalabe ya isa, da safe kafin rana ta ɗaga. A auna kusan mita 40, a fara ɗumama jiki na minti 10, mai asma ko sikila ko wanda ba shi da lafiya ko mai azumi ya riƙe agogon waya kawai kar ya yi gudu, wannan ba wasa ba ne. Yaro ɗaya ya yi mita 40 iya ƙarfinsa a rubuta lokaci, ya huta sakan 20 ya sake, har sau huɗu. Za ka ga lokacin yana ƙaruwa, misali na farko sakan 6 da ɗigo, na huɗu ya haura 7, kuma yana dafe gwiwa. Bayan ya huta sosai, ko ma washegari, a sake sau huɗun amma hutun minti 4 tsakani, lokutan za su zo kusan ɗaya. Dalili shi ne PC yana dawowa kusan rabi a cikin sakan 30, amma cikarsa gaba ɗaya sai minti 3 zuwa 5. Da hutun sakan 20 bai dawo ba, sai jiki ya ƙara jingina da laktik. Agogon waya da yatsan mutum ba su da daidaito sosai, don haka kar a yi gardama a kan ɗigo ɗaya, a kalli inda lokutan suka dosa, kuma mutum ɗaya ya riƙe agogon daga farko har ƙarshe.

A nan ne kuma za ka shigo da bashin oksijin, tunda ga yaron nan a gabansu yana haki alhali ya daina gudu. Su ɗora yatsa biyu a wuyan hannunsa su ƙirga bugu na sakan 15 su ninka da 4, sau ɗaya kafin gudu, sau ɗaya da gamawa, sannan bayan minti 3. Ƙarin oksijin ɗin da yake ja yana tafiya ne wajen sake cika PC, da kawar da laktik, wani a ƙona shi wani jini ya kai shi hanta a mayar da shi gulukos, da kuma mayar da oksijin ɗin da aka ara daga mayogulobin na tsoka. Abin lura, PC da aka kashe ba tare da oksijin ba, da oksijin ake mayar da shi.

Mataki na biyar, a ɗauki tsere ɗaya a bi shi daki-daki, kuma ni mita 400 nake ɗauka don a cikinsa ake ganin duka ukun. A ce ɗalibi ne a wasannin intahaus da ke yin sa a sakan 60. Da harbin bindiga sakan 2 zuwa 3 na farko ATP ɗin da ke ajiye ne ya tashe shi. Zuwa sakan 10, wajen mita 70, PC ne ke kan gaba amma laktik ta riga ta kunna. Daga nan har wajen sakan 45, wato har kwana ta ƙarshe, laktik ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita kuma erobik tana ta hawa a hankali, numfashi da bugun zuciya suna ƙaruwa. A mita 100 na ƙarshe asid ya taru, taku ya gajarta, kafaɗa ta ɗaga, kai ya koma baya, duk wanda ya taɓa kallon intahaus ya san wannan yanayin. Yaron da ya fita kaman mita 100 yake yi shi ne zai fi shan wahala a nan, don ya tara asid tun da wuri. A mita 400 gaba ɗaya kason erobik ya kai wajen kashi 40 cikin 100, a mita 800 ya haura rabi, a mita 1500 wajen kashi 80, a famfalaki kuwa kusan duka. In mutum yana iya ƙarfinsa, wajen sakan 75 ne kason erobik da na anerobik suke zuwa kunnen doki.

Saboda haka ka hana su cewa wannan ta ƙare sannan waccan ta fara kaman ana kunna suwic. Duka ukun suna aiki tare tun daga sakan na farko, tambayar kawai wacce ce ta fi rinjaye. Kalmar rinjaye ɗin nan su sa ta a amsarsu. Kuma abin da ke yanke hukunci ƙarfin gudu ne da tsawon lokaci, ba mita ba. Dattijon da ya taka mita 100 daga shago zuwa masallaci a hankali erobik ya yi amfani da shi, ɗan mita 5000 kuma da ya saki wuta a zagayen ƙarshe ya koma kan laktik.

Ga ɓangaren dogon gudu, misalin gida shi ne famfalakin Legas da aka fara a 2016, wanda yawanci ake yi a watan Fabrairu, a shekarun farko ana tashi daga filin wasa na ƙasa a Surulere a hau gadar Third Mainland a ƙare a Eko Atlantic. Mai wannan gudun yana ƙona gilaikojin da kitse a haɗe. Gilaikojin ɗin tsoka da hanta gaba ɗaya wajen giram 500 ne a babban mutum, yana kai shi kusan awa ɗaya da rabi zuwa biyu, shi ya sa wajen kilomita 30 wasu suke jin ƙafa ta mutu lokaci ɗaya. Ba laktik ba ne a nan, gilaikojin ne ya yi ƙasa jiki ya koma kan kitse, shi kuwa kitse duk da ya fi enaji a kowane giram, kalori 9 a kan 4 na kabohaidiret, yana fitowa a hankali kuma ya fi cin oksijin, dole sauri ya faɗi. Ƙara da zafin Legas da damshin iska da ke hana gumi bushewa, ruwan jiki ya ragu zuciya ta ƙara wahala. Don haka in an tambayi abin da ke gajiyar da kowanne, amsa uku ce daban, a mita 100 raguwar PC, a mita 400 taruwar asid, a famfalaki raguwar gilaikojin da ƙarancin ruwa da zafi.

Zaren tsoka kuma ka taɓa shi a taƙaice. Akwai mai saurin ja, fari-fari, mai ƙarfi mai saurin gajiya, ya fi yawa a 'yan gajeren tsere. Akwai mai jinkirin ja, jajaye saboda mayogulobin, ga maitokondiriya da ƙananan jijiyoyin jini da yawa, shi ne na 'yan dogon zango. Kowa yana da duka biyun, kaso ne ya bambanta.

Mataki na ƙarshe shi ne rubuta amsa, don yaro na iya ganewa ya kasa zubawa a takarda. In tambaya ta ce a bambanta, ya ja tebur mai gida biyu, kuma kowane layi ya zama abu ɗaya ake kwatantawa a ɓangarorin biyu. Oksijin, nan ba a buƙata can ana buƙata. Abin da ake ƙonawa, nan PC da gulukos can gulukos da kitse. Wurin aiki, nan saitofilazim can maitokondiriya. Yawan ATP, abin da ake fitarwa, tsawon lokaci, sannan misalin tsere. Kuskuren da na fi gani shi ne a rubuta maganar oksijin a hagu a rubuta maganar lokaci a dama a layi ɗaya, wannan ba kwatance ba ne, mai makin ba zai san me zai duba ba. Wasu kuma suna rubuta cewa anerobik yana ba da etanol da kabon dayoksaid, wannan na yis ne da tsirrai, a tsokar mutum laktik asid ne kawai ba kabon dayoksaid. Akwai masu cewa ɗan mita 100 ba ya numfashi shi ya sa ake cewa anerobik, a'a, ko ya yi numfashi oksijin ɗin ba zai isa tsoka ya ba da ATP da saurin da ake buƙata ba kafin tseren ya ƙare. Tunda da Turanci za su rubuta, ka ware minti goma su kwafi haruffan sunayen nan daidai daga littafinsu, ka yi musu shifta a kai.

Akwai kuma ciwon jikin da ke zuwa washegari ko bayan kwana biyu da gudu, kusan kowa cewa yake laktik ne. Laktik yana barin jini a cikin kusan awa ɗaya bayan an gama, ya fi ma saurin tafiya in mutum ya ci gaba da sassarfa a hankali maimakon ya zube a ƙasa. Ciwon washegari ƙananan yagewa ne a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya. In tambaya ta ce me ke kawo gajiyar tsoka lokacin gudu mai tsanani, su rubuta taruwar laktik asid kaman yadda manhaja ta koyar, amma in ta ce ciwon bayan kwana ɗaya ko biyu kar su kai laktik can.

Kafin ka sallame su ka gwada su da baki da abin da ba ka koya musu ba. Ka ce Tobi Amusan ta yi tseren tsallake shinge na mita 100 a sakan 12.12 a Eugene a 2022, wace hanya ce ta rinjaya kuma wacce ke tallafa mata? Amsar da kake jira ita ce ATP-PC tare da babban tallafi daga laktik tunda an haura sakan 10. Sai ka ce to ɗan ƙwallo fa da ke minti 90 a fili? Wanda ya gane zai ce erobik ce ke riƙe da shi gaba ɗayan wasan, PC ke ba shi kowane ɗan gudun kwatsam na bin ƙwallo, kuma lokacin da yake tafiya ko sassarfa ne PC ɗin ke sake cika. Wanda ya ce maka erobik kawai ya yi shiru, ka mayar da shi kan gwajin mita 40 ɗin nan ya sake bayanin me ya sa gudu na huɗu ya fi na farko jinkiri.